Takardar PMP: tallan aiki ko rahoton albashi, wanne za a gaskata?

"'Yan uwa, ina shirin biyan kuɗin jarrabawar PMP, wato takardar shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka, an ce masu ita sun fi samun albashi. Na duba rahoton albashi, na kuma duba tallace-tallacen aiki, amma maganarsu ba ta zo ɗaya ba. Wanne zan bi?"

Malam, rahoton da aka fi yawo da shi na cibiyar PMI ne, wadda a bugunta na 2023 ta ce matsakaicin albashin masu PMP ya ɗara na marasa ita da kashi 33 cikin ɗari a ƙasashe 21. Sai dai cibiyar da ta fitar da alƙaluman ita ce mai sayar da jarrabawar, kuma mutane ne suka faɗi albashinsu da bakinsu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sharaɗin zama jarrabawar, domin mai digiri ba ya zama sai ya yi wata 36 yana jagorantar ayyuka. Ke nan masu takardar tun asali ƙwararru ne, kuma wani kaso na ratar da ake gani ladan shekarun aiki ne da za su samu ko babu ita.

Tallan aiki kuwa yana nuna abin da mai biyan albashin yake nema yau, a garin da kake neman aikin. Ka shiga shafukan neman aiki irin su Jobberman ko LinkedIn ka tara tallace-tallace kamar arba'in na muƙamin da kake hari, ka ware waɗanda suka rubuta "required" daga waɗanda suka rubuta "added advantage", domin na farko yana nufin ba a duba takardun wanda ba shi da ita, na biyu kuwa sau da yawa ado ne kawai. A ce shida ne suka wajabta ta, kuma duka shidan na ƙungiyoyin agaji ne da kamfanonin sadarwa masu neman gogewar shekara bakwai. Idan kai shekararka uku, to ba takardar ce ta tsare maka hanya ba. Raunin talla shi ne akasarinsu ba sa bayyana albashi, don haka 'yan kaɗan da suka bayyana ne za ka kwatanta, muƙami ɗaya da gogewa ɗaya.

A ganina tallan ya fi cancantar a dogara da shi. Daga nan sai lissafi: idan horon sa'o'i 35 da ake buƙata kafin a zauna, da kuɗin jarrabawa, wanda da dala ake yanke shi, suka ci maka naira miliyan ɗaya, ƙarin da kake hange kuma dubu hamsin ne a wata, sai bayan wata 20 kuɗinka zai dawo, ga kuma sabuntawa duk shekara uku. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, albashi matakin aiki yake bi, saboda haka ka fara tambayar ofishin kula da ma'aikata ko takardar tana cikin sharuɗɗan ƙarin girma.