FreeCAD ko manhajar zane ta kuɗi: wanne ya dace da ɗalibi mai taya aikin walda?

"Ina aji uku a fannin injiniya a ATBU, da yamma kuma ina taya kawuna a shagonsa na walda a Yelwa. Aljihu ba nauyi. In tsaya kan FreeCAD ne, ko in lallaɓa in nemi AutoCAD?"

Ƙanena, fara raba aikin makaranta da na shago. Autodesk, kamfanin da ke yin AutoCAD, na ba ɗalibai lasisi kyauta na shekara guda, ana sabuntawa muddin kana karatu, to karɓi AutoCAD ta nan. Sai dai na koyo ne kawai, bai halatta ka zana abin da kawu zai sayar ba. Na kasuwanci kuwa haya ce, wata-wata ko shekara-shekara, ran da ka daina biya ta rufe.

FreeCAD, manhajar zanen injiniya ta kyauta, ba ruwanta da wannan. Ka sauke sau ɗaya, ba rajista, ba ta neman data, kuma abin da ka zana naka ne ka sayar. Nemi 1.0 da ta fito a Nuwamban 2024 ko wadda ta biyo ta, don tsofaffin sukan wargaza zane idan ka koma baya ka gyara wani abu.

A ce kawu na son fallen ƙarfen da za a ɗora motar da ke juya injin sussukar masara a kansa: tsawo milimita 200, faɗi 120, kauri 6, da huji huɗu na milimita 12. Ka zana a Sketcher, sashen zana layuka na FreeCAD, ka ɗaure kowane huji da nisansa daga gefe har layukan su koma kore, alamar babu abin da ya rage yana lilo. Sannan ka danna maɓallin Pad ya ba shi kauri. Gobe kawu ya ce a mai da tsawon 220, lamba ɗaya za ka canza, hujin su bi da kansu. Mai yankan ƙarfe da na'ura fayil ɗin zane nau'in DXF yakan nema, FreeCAD kuma na fitar da shi. Amma kafin ka tura, buɗe shi a LibreCAD, ita ma kyauta ce, ka auna dogon gefen. In ka ga 7.87 maimakon 200, inci da milimita sun cakuɗe. Na taɓa turawa ban duba ba, aka yanko min abu kamar marfin kwalba.

Inda ta kuɗi ta yi mata fintinkau shi ne DWG, nau'in fayil ɗin da AutoCAD ke ajiye zane a ciki. FreeCAD ba ta buɗe shi sai ka haɗa ta da manhajar juya fayil irin su ODA File Converter, kuma ko da hakan rubutu da alamomin awo sukan goce. In aikinka zai zama karɓar zanen gini daga hannun akitet kana mayarwa kullum, wahalar ta fi kuɗin hayar. Shagon kawu kuwa, ƙofofi da tagogi da ƙananan injuna, FreeCAD ta ishe shi.