Shagon kafe ɗin unguwarmu da harafi ɗaya da ya rufe wa ƙanwata shafi

Maganar gaskiya, shagon nan da ke bakin titinmu ba ya cikin na banza. Suna da sola, ba a zaman jiran wuta, firintarsu kuma tana fitar da hoto tas. Da a kan wannan kaɗai zan yi magana, da na ce kowa ya je. Amma cike fom ɗin neman tallafin karatu da suka yi wa ƙanwata shi ya sa ni rubutun nan.

Yarinyar tana da Gmail nata na kanta, wanda ke kan wayarta, ta kuma rubuta wa yaron shagon adireshin a takarda. Shi kuwa, saboda layi ya yi tsawo, sai ya buga `gmail.con` a maimakon `gmail.com`. Haruffan n da m maƙwabta ne a kan kibod. A akwati na biyu da ake maimaita adireshin, wanda don kama irin wannan kuskuren aka yi shi, bai sake bugawa ba, kwafo na farko ya yi ya liƙa. Shafin ya karɓa, aka buga mata silif, ta biya ta dawo gida da murna.

Sai da lokacin fitar da takardar jarabawa ya zo abin ya bayyana. Ta sa adireshinta na gaskiya, shafin ya ce bai san shi ba, domin abin da aka buga ranar rajista shi ne sunanta a wurinsu. Ta ce min, "Yaya, duba silif ɗin nan, kamar ba haka nawa yake ba." Muka sa na kuskuren, shafin ya gane shi, amma ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa imel ɗin. Wane imel? Akwatin da babu shi a duniya. Muka danna `Forgot password`, nan ma can ake turawa. Muka ce to a sake sabuwar rajista, shafin ya ƙi, tunda lambar NIN ɗinta ta riga ta ɗauru da rajistar farko. Gurbin canza imel kuma yana ciki, sai wanda ya shiga.

Da na koma shagon, yaron cewa ya yi, "Yallaɓai, ai ko da ɗigo aka manta saƙo yana zuwa." Wannan rabin gaskiya ce. Gmail ba ya kula da ɗigon da ke cikin suna kafin alamar @, da shi da babu shi akwati ɗaya saƙo ke faɗawa. Amma wannan bai shafi abin da ke bayan alamar ba, bai kuma shafi harafi ko lamba ba. Idan aka sa sifili a wurin harafin o, wani adireshi ne dabam, wataƙila ma na wani mutum, shi zai riƙa karɓar lambobinka. Gane hakan ba wuya: ka aika saƙo daga wata wayar zuwa adireshin yadda yake a silif, harafi da harafi. In ya dawo da `Address not found`, babu shi. In bai dawo ba kuma bai iso gare ka ba, to wataƙila a hannun wani yake.

Mai shagon dai ya kyauta, ya zauna ya rubuta mana takardar neman gyara, ya haɗa da kwafin silif da na NIN, bai karɓi ko kwabo ba. Har na fara hucewa. Sai a gabana na ji yaron yana ce wa wani ɗalibi ya bari ya buɗe masa sabon imel nan take, da lambar wayar shagon a matsayin lambar ceto. Raina ya sake ɓaci. Ranar da ɗalibin ya manta kalmar sirri, wayar wa lambar za ta shiga? Kuma imel ɗin da aka buɗe aka watsar, Google na iya goge shi in ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, alhali takardar makaranta ko ta aiki tana iya neman sa bayan haka. Imel na neman abu shi ne wanda ke kan wayarka, kake buɗe shi kullum, layinka ne a jikinsa, kuma wurin ajiyarsa na 15GB bai cika da hotuna ba, don in ya cika saƙo ba ya shigowa.

An gyara wa ƙanwata adireshin, amma bayan an rufe fitar da takardar jarabawa. Hoton fasfo da buga takardu, zan ci gaba da zuwa wurinsu. Cike fom kuwa, sai dai in yaron zai juyo min da allon kwamfutar in karanta imel ɗin da idona kafin ya danna `Submit`.