Zobe ko filasta? Ni dai zobe

"'Yan uwa, na gaji da mantawa da ƙwayar tazarar haihuwa. Tsakanin zoben da ake sawa a gaba da filastar da ake mannawa a fata, wanne ya fi? A Birnin Kebbi nake."

Maman Ilham, duka biyun na yi amfani da su, kuma ki ɗauki zobe.

Aikinsu ɗaya ne. Kowanne yana sakin sinadarai biyu, istirojin da furojestin, a hankali zuwa cikin jini, su hana ƙwai fita. Hanyar shiga ce ta bambanta: zobe ta bangon farji, filasta ta fata.

Zoben roba ne mai laushi, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ki matse shi da yatsu biyu, ki tura ciki da kanki, ya zauna mako 3. Ki cire, ki huta kwana 7, al'ada ta zo, ki sa sabo a rana ta takwas ko da jinin bai ɗauke ba. Idan kin sa ranar Lahadi, duk sawa da cirewa Lahadi ne. Da shi na yi bikin ƙanwata a Argungu, ga girki ga zufa, wallahi ko tunawa da shi ban yi ba. Idan ya zamo, ki ɗauraye da ruwa mai sanyi ki mayar. In ya wuce awa 3 a waje, maigida ya sa kwaroron roba har kwana 7.

Filasta kuwa kowane mako ake canza ta, sau uku, na huɗu hutu. Tana aiki, ba zan yi mata ƙazafi ba, amma ni a zafin Afrilu gefenta ya riƙa ɗagowa, wurin yana ƙaiƙayi. Istirojin ɗin da take sakar wa jiki ya fi na zobe yawa, kuma ƙarfinta yana raguwa ga mai kilo 90 zuwa sama. Ta fi dacewa da wadda ba ta son sa hannu a gabanta.

Amma kafin komai a auna jininki a asibiti. Mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, duka biyun ba nata ba ne. Haka mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba. In kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, ki faɗa wa likita, wasunsu suna rage musu ƙarfi.

Sai ki kula da masu kemis marasa tsoron Allah. Ba ko'ina ake samun zoben ba, kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 30. Wanda aka ɗauko miki daga kanta da rana tsaka, ko aka goge kwanan watan lalacewarsa, ki bar musu kayansu.