Silet, shist ko nayis: yadda za ka zaɓi dutsen gini bisa zafin da ya gasa shi

Duk wanda ya je sayen dutsen ado ko na daɓe zai tarar ana nuna masa launi da sheƙi, amma ba kasafai ake gaya masa abin da ya fi muhimmanci ba, wato irin zafi da matsin da dutsen ya sha a ƙarƙashin ƙasa. Silet da shist da nayis suna iya fitowa daga asali guda, daga laka da yumɓun da suka kwanta a ƙasan teku suka daskare. Abin da ya raba su shi ne zurfin da kowanne ya nutse da zafin da ya gasa shi, kuma daga nan ne ake sanin wanda zai tsage a hannu da wanda zai ɗauki nauyin gini.

Matakin farko shi ne silet. Idan dutsen laka ya shiga zafin da ya kai kimanin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma motsin ɓawon ƙasa ya matse shi daga gefe, ƙwayoyin yumɓun sukan rikiɗe su zama ƙananan ɓawon maika, wani ma'adini mai ƙyalli, waɗanda ido ba ya iya gani, dukkansu su jeru suna fuskantar gefe guda. Wannan jerin ne ya sa ake tsaga silet fale-fale har zuwa kaurin milimita 5 ko 6 ba tare da ya karye ba, kuma shi ya sa aka daɗe ana rufin gidaje da shi a Wales da arewa maso yammacin Sifaniya, inda har yau ake haƙo mafi yawan silet ɗin rufi. Fuskarsa ba ta da sheƙi sosai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, ƙafa kuma ba ta zamewa a kansa, saboda haka ya dace da daɓen baranda da jikin bango. Sai dai wuƙa tana karce shi, kuma bakinsa yana ɓantarewa idan abu mai nauyi ya faɗa masa.

Silet ba duka ɗaya ba ne, kuma akwai gwaji uku da mai saye zai yi da kansa. Ka riƙe falle ɗaya a gefe ka ƙwanƙwasa shi da ƙarfe: mai kyau yana yin ƙara garau kamar ƙararrawa, wanda ke da tsaga a ciki kuwa yana yin ƙara a dushe. Ka duba ko akwai ɗige-ɗige masu launin zinare, domin wannan ma'adinin fairait ne, kuma bayan damina ɗaya ko biyu yakan yi tsatsa ya zubo da jan tabo a bango. Na uku shi ne gwajin ruwa. Ka busar da gutsure ka auna, ka jiƙa shi kwana biyu, ka goge ka sake aunawa. Idan giram 2000 ne a bushe, bai kamata ya wuce giram 2012 ba, domin ƙa'idar Turai ta silet ɗin rufi mai daraja ta ɗaya ita ce kada ya sha ruwa fiye da kashi 0.6 cikin ɗari. Wanda ke son rufi da shi ya tuna da nauyi: falle mai kaurin milimita 6 yana kai kimanin kilo 17 a murabba'in mita, kuma tun da ana ɗora wani kan wani ne, nauyin yana ninkawa fiye da sau biyu. Katakon da aka tsara don kwano ba zai ɗauka ba.

Idan zafi ya ƙaru kaɗan, silet yakan zama filayit, mai sheƙi irin na siliki da fuska mai ɗan lanƙwasa. Daga kimanin digiri 400 zuwa 600 kuma sai a sami shist, inda ɓawon maika ya girma har ana ganinsa yana ƙyalli a rana. A nan ne masu saye da yawa suke kuskure, suna zaton tun da ya fi silet shan zafi to ya fi shi ƙarfi. A gaskiya shist ne mafi rauni cikin ukun a yawancin ayyuka. Maika tana da laushi ƙwarai, ƙwayoyinta manya suna zamewa kan juna, dutsen yana tsagewa a karkace maimakon a miƙe, ruwa kuma yana bin tsagar ya shiga. Ka murza shi da babban yatsa: idan ƙyalli ya maƙale maka a fata, to haka zai riƙa zubewa a tsakar gida. Ni dai ba zan sa shi a matakala ko a kantar girki ba, kuma ba zan yarda a zuba tsakuwarsa a kankare ba, domin tana fitowa fale-fale kuma maikar da ke cikinta tana rage ƙarfin kankaren. Inda yake da kyau shi ne adon bangon da ba ya ɗaukar nauyi, da sharaɗin magini ya kwantar da shi yadda layukansa za su kwanta, kada ya tsayar da su.

Ma'adinan da ke cikin shist suna nuna matakin da ya kai. George Barrow, wanda ya yi nazarin tsaunukan Sikotland ya wallafa sakamakonsa a 1893 da 1912, ya gano cewa ma'adinai suna bayyana bi da bi yayin da zafi ke ƙaruwa. Wanda mai saye zai fi saurin ganewa shi ne ganet, jajayen ƙwayoyi masu tauri, masu kama da ƙwayar wake, a tsakiyar ƙyallin maika, kuma ganinsu alama ce cewa dutsen ya kai matsakaicin mataki.

Sama da digiri 600 zuwa 700, a zurfin da yakan kai kilomita 20 ko fiye, yawancin farar maika tana rushewa, wani ma'adini mai tauri da ake kira felsifa ya maye gurbinta, ma'adinai kuma su rabu zuwa zane-zane, fari da baƙi, kamar saƙi. Wannan shi ne nayis. Ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna, ba ya tsagewa da sauƙi, wuƙa ba ta karce farin sashensa, yana kuma karɓar gogewa har ya yi sheƙi. A kasuwa sau da yawa ana sayar da shi da sunan giranit, kuma babu laifi a ingancinsa, amma ana bambance su da ido: giranit ɗige-ɗige ne a warwatse, nayis kuwa yana da layuka. Shi ya dace da harsashin gini, da tsakuwar kankare, da matakala, da kantar girki. Abin lura shi ne baƙin layi mai kauri, domin a nan baƙar maika take taruwa, kuma a nan falle yake karyewa idan aka ɗauke shi a kwance. A ɗauke shi a tsaye, a kuma tuna cewa falle mai kaurin santimita 3 yana kai kimanin kilo 81 a murabba'in mita.

Mai saye a arewacin Najeriya yana da sa'a ta wannan fuskar, domin nayis yana cikin duwatsun da suka fi yawa a tsohon ginshiƙin dutsen ƙasar, wanda babban motsin ƙasa ya sake gasawa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Shist da filayit kuma suna kwance a dogayen zirare a yankunan Maru da Anka da Zuru da Birnin Gwari. Saboda haka idan aka kawo maka dutse mai tsagewa fale-fale daga can aka ce silet ne, ka juya shi a rana tukuna. Idan yana sheƙi kamar siliki kuma fuskarsa ba ta miƙe ba, filayit ne, kuma a jikin bango ya kamata ya tsaya.