Sharhi: wasiƙar da likitar abinci ta aiko mini bayan ƙibata ta dawo

Na fara zuwa wurin wata likitar abinci a Kaduna ina da kilo 92, ga hawan jini ya soma leƙo ni. Da tsarin da ta ɗora ni a kai na sauko zuwa 84. Sai azumi ya zo da soye-soyen buɗa baki, Sallah ta biyo baya, bukukuwan dangi suka ɗora, sikeli ya koma 89. Na tura mata saƙo cewa ina so in sayi shayin rage ƙiba, in kuma yi kwana goma daga ƙwai sai kokwamba, kamar yadda ake ta tallatawa. Amsarta ce ta sa nake wannan sharhi, domin a ganina ita ce mafi amfani a duk abin da na biya wa kuɗi.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce: "Hajiya, kilo uku na nan da ba su dawo ba, kuma kin riga kin san hanyar da ta sauke takwas. Kada ki sayi shayin nan." Daga nan ta kawo dalili. Da yawa daga irin shayin akwai filasko a ciki, aikinsa sa gudawa. Abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda yake. Haka ma wanda ya yanke tuwo da shinkafa lokaci ɗaya: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa, kusan giram uku na ruwa kan kowane giram ɗaya. Idan ajiyar ta ƙare ruwan ya bi ta, sikeli ya faɗi da kilo biyu a mako, mutum ya yi murna, ranar da ya koma cin tuwo kuma su dawo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin tsoka. Ta ce idan aka matse jiki da yunwa, har tsoka yake ci, kuma tsoka na cikin abin da ke ƙona abinci ko mutum yana zaune. Ga yunwa na ƙaruwa, ga jiki ya rage ƙonawa, shi ya sa ƙibar kan dawo da sauri. Ta ƙara da cewa ramewar gaggawa na iya jawo tsakuwa a matsarmama, kuma jiri, zubar gashi da kasala alamu ne cewa an wuce gona da iri.

Abin da ta nema ba shi da yawa. Rabin faranti ganye ne, zogale ko alayyahu ko kabeji. Tuwo malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannuna, sauran gurbin kuma wake, kifi, awara ko ƙwai. Mai a auna shi da cokali, a daina tsiyayawa daga galan, domin cokalin cin abinci ɗaya ya kai kalori 120. Lemon roba na 50cl yana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato kusan duk iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a yini, kuma zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari ba su tsira ba. Sai tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Burinta rabin kilo a mako, in ya yi yawa kilo ɗaya. Ta tuna mini cewa sauke kashi 5 cikin 100 na nauyi, wato kusan kilo huɗu da rabi daga 92 ɗin da na fara da su, yana taimaka wa hawan jini da sukari, saboda haka 87 muka fara nufa.

Inda na ga gazawa shi ne, wasiƙar ta ɗauka kamar ni kaɗai ake dafa wa abinci. A gidan da tukunya ɗaya ke ciyar da maigida, yara da baƙi, ba a auna wa mutum ɗaya manja. Sai da na sake tambaya kafin ta ce in kwashe man da ya taso saman miya kafin in zuba nawa, in kuma daina ci a tire ɗaya da yara. Shawara ce mai kyau, amma kamata ya yi ta zo tun farko, don yawancin matan da ke zuwa wurinta haka gidajensu suke.

Yanzu ina hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, in auna ƙugu da tef ɗin tela. Yarjejeniyarmu ita ce idan kilo biyu suka ƙaru in kira ta a lokacin, kada in jira su kai biyar. Mai shayarwa, ko mai shan maganin ciwon sukari, ta faɗa wa likitar tun a zaman farko, domin awon abincinsu dabam ne da nawa.