GARGAƊI: Mai sayar da ekstenshan na ₦18,000 a bayan mota, macuci ne

Jama'a, akwai wani mutum da ke bin layin teloli da masu shaguna da farar mota, but ɗinta cike da ekstenshan, yana cewa kayan Jamus ne masu ɗaukar nauyi. ₦18,000 kowane ɗaya. Wani tela a layinmu ya sayi uku, ₦54,000 ke nan ya tura masa nan take. Ɗaya ya narke a ƙarƙashin teburin guga, saura ƙiris ya kama yadin mutane na ɗinkin biki. Wayarin sana'ata ce, kuma ragowar biyun suna gabana a buɗe yanzu haka.

Kada wani ya zo yana cewa telan ne bai da wayo. Ya tambaya. Mutumin da kansa ya ɗauko sukundireba, ya kwance wani ekstenshan a gabansa, ya nuna masa waya mai kauri, jan ƙarfe zalla, da fiyus a cikin fulogi, har da wayar at, mai kwashe wutar da ta zube zuwa ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ya ce, “Maigida, kankare da kanka ka gani.” Ya kankare, ja ne har ciki. To wa zai ƙi yarda? Abin da bai sani ba shi ne wancan na nuni ne kawai. Waɗanda aka miƙa masa a cikin leda a liƙe, kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, cikinsu daban. Wai “kankare da kanka”. Wannan maganar ce ke ta ci masa rai, kunya ta hana shi ma faɗa wa maƙwabtansa, shi ya sa nake rubutawa.

Ga abin da ke cikin kayan ₦18,000. A bayan kwalin an buga 13A da 3000W. Lissafin kansa daidai ne, domin wutarmu bolt 230 ce, in ka ninka da amfiya 13 za ka samu kusan wat 3,000. Amma ekstenshan da zai ɗauki wannan nauyin yana buƙatar wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.25 ko 1.5. Ta cikin wannan ba ta wuce 0.5 ba, an dai lafta mata roba mai kauri don ta cika hannu. Waya 0.5, ko da jan ƙarfen gaske ce, amfiya 3 ce iyakarta. Dutsen gugan telan wat 2,000 ne, yana jan kusan amfiya 9. Ninki uku ke nan, kuma zafin da waya ke yi ba ninki uku zai ƙaru ba, ninki tara ne, don haka lissafin zafi yake tafiya. Sannan wayar ma ba jan ƙarfe ba ce. Alminiyam ce aka yi wa wankan ja, kana kankarewa da wuƙa sai fari ya bayyana. Alminiyam ba ta kai jan ƙarfe wuce da wuta ba, kusan kashi 60 cikin ɗari take yi, ga saurin karyewa a bakin sukuru.

Wayar at kuwa babu ita sam. Ƙafa uku a fulogi, waya biyu a ciki. Gurbin fiyus an haɗe shi da guntun ƙarfe.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi, domin mutane suna ɗauka bireka ta gida za ta cece su. Ba za ta yi ba. Birekar layin soket yawanci amfiya 20 ce ko 32, aikinta kare wayar 2.5 da ke cikin bango. Amfiya 9 a wurinta ba komai ba ne. Ekstenshan zai yi ta dahuwa har roba ta zube, ita tana zaune ba ta faɗi ba, sai wayoyin sun haɗu sun yi gajeren zango, lokacin kuwa wuta ta riga ta samu abin ci.

Na ma tsallake wani abu. Tun kafin narkewar, tun a makon farko, yaron shagon ya ce yana jin ƙara “cir-cir” in an soka dutsen guga, kuma fulogin yana zafi. Telan ya kira mutumin. Ya ɗauka kuwa, a lokacin yana ɗauka. Ya ce ai sabon kaya haka yake, wutar NEPA ce ta yi yawa. Ƙarya ce. Ramin soket mai kyau yana da tagulla mai tauri da ke damƙe ƙafar fulogi. Nasa gwangwani ne siriri, maganaɗisu ma yana kama shi, in ya sha zafi sau biyu sai ya saki. Da ya saki, wuta sai ta riƙa tsallake ɗan gibin, ita ce ƙarar da ake ji. Tsallaken yana ƙona ƙarfen, ƙonannen ƙarfe yana ƙara zafi, zafin yana ƙara sakin ramin. Ba ya gyaruwa da kansa. Bayan narkewar, ko kafin ta da kwana kaɗan, lambar ta daina shiga. ₦54,000, ba rasit, ba shago.

Ba kowane tartsatsi ne matsala ba, kada a ce na tsorata mutane. In ka soka caja ko wani abu da yake a kunne, ɗan shuɗin haske na ƙiftawar ido yana iya fitowa, shi ya sa ake kashe makunnin soket kafin a soka. Wanda ake tsoro shi ne mai launin rawaya, mai ƙara, mai maimaituwa ko ba a taɓa fulogin ba. Haka zafi: ɗan ɗumi bayan doguwar guga ba laifi, amma in ba za ka iya riƙe fulogin a hannu ba, ko ka ga baƙi-baƙi a bakin ramin, ko kana jin ƙauri mai kama da ƙarnin kifi, roba ce ke ƙonewa a ciki.

In ekstenshan ne, ba a kiran kowa, ba a naɗe shi da salatif. Kashe daga bango, zare, yanke wayar don kada wani ya tsinta, jefar. Dutsen guga, hita, butar lantarki da hotfilet kuma kai tsaye a bango ake soka su, ɗaya a soket ɗaya, ko da ekstenshan ɗin na gaske ne. Kada a jona wani a kan wani, kada a bar wayar a naɗe ko a ƙarƙashin kafet.

Soket na bango shi ne na mai gyara. In yana zafi alhali fulogin lafiyayye ne, ko yana zafi ba a soka komai ba, ko yana motsi a bango, ko bireka na yawan faɗuwa, ko jikin firji yana jan mutum in an taɓa, je ka sauke birekar layin, ka kira mai wayarin a ranar. Yawanci sukurun da ke riƙe waya a baya ne ya saki, sai an yanke ƙonannen bakin wayar an sa sabon soket. Kashe makunnin fuskar soket ba ya cire wuta daga bayansa, don haka kada ka kwance. In ya kama da wuta, babban layi za ka fara kashewa, kuma ban da ruwa.

Hotunan cikin kayan da shaidar tura ₦54,000 ɗin suna nan, zan ɗora su da zarar telan ya amince, kuma na ce masa ya kai ɗaya ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. Mai saye, wanda za ka tafi da shi gida shi za a kwance a gabanka, in mai kaya ya ƙi, bar masa abinsa.