Ciro alƙaluma daga hoton jadawalin sanduna: da hannu ko da manhaja?

"An turo min hoton jadawalin sanduna a WhatsApp, babu lambobi a kan sandunan. In auna da kaina ne ko in nemi manhaja?"

Hanyoyin biyu lissafinsu ɗaya ne. Kowacce tana buƙatar maki biyu a kan ma'aunin gefe waɗanda ka san ƙimarsu, kuma gwargwadon nisan da ke tsakaninsu, gwargwadon ingancin amsarka. Don haka ɗauki na can ƙasa da na can sama.

Idan da hannu ne, buɗe hoton a manhajar Paint ta kwamfuta mai Windows. Duk inda ka ɗora kibiyar linzami a kan hoton, za ka ga lambar fiksel a ƙasan allo. Ka lura, lambar tsaye tana ƙaruwa ne idan kana gangarowa. A ce layin 0 yana fiksel 640, layin 800 yana fiksel 140. Tazarar fiksel 500 ke nan, wato kowane fiksel yana ɗauke da 1.6. Idan kan sandar yana 305, tsawonta 335 ne, ƙimarta kuwa 536.

```
(640 - 305) / (640 - 140) * 800 = 536
```

Idan kuma da manhaja ne, WebPlotDigitizer wannan aikin yake ɗauke maka. Ka loda hoton, ka zaɓi nau'in jadawalin sanduna, ka danna maki biyun, ka rubuta ƙimarsu, sannan ka bi kan sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya ba ka alƙaluman a fayil ɗin CSV, wanda ake buɗewa a Excel. Yana da ƙaramar taga mai girmama wurin da kake dannawa, abin da ke rage kuskuren hannu sosai. A ganina, sanduna biyar ko shida ba su kai a nemi manhaja ba, amma in sun kai talatin, ƙirgen hannu zai gajiyar da kai har ka fara tsallake.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne gindin ma'auni. Da a ce layin ƙasa 200 ne ba 0 ba, sandar nan ɗin 602 ce, domin 600 kawai za a raba wa fiksel 500, sannan a ƙara 200. Haka kuma in ka ga 1, 10, 100 an jera su da tazara iri ɗaya, ma'aunin log ne: tsakiyar 10 da 100 kusan 32 ce, ba 55 ba. A nan manhajar ta fi, tunda akwai wurin da za ka sanar da ita.

Amma babu hanyar da za ta mayar da abin da hoto ya rasa. WhatsApp yana matse hoto, bakin sanda ya dushe da kamar fiksel biyu, wato 3 sama ko ƙasa a misalinmu. Saboda haka rubuta "kimanin 535", kuma ka faɗa cewa daga hoto ka ƙiyasta. In kuwa da kyamara aka ɗauki allon a karkace, roƙi wanda ya turo ya aiko maka da ainihin fayil ɗin jadawalin.